Lita Nawa Famfon Ya Bayar? Dabaru Biyu Na Ƙiyasi Da Iyakar Kuskurensu

Idan famfo yana zuba lita 600 a kowace awa, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko ɗan firamare zai faɗa maka abin da zai tara cikin awa uku. Matsalar tana farawa ne idan zubar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A ce rijiyar burtsatse ce da ake kunna wa inji, da farko ruwan ya taho da ƙarfin lita 1000 a awa, sannan ya riƙa sanyi a hankali har ya koma ƙarfin lita 500 a awa bayan minti sittin. Lita nawa suka shiga tanki? Sun haura 500, ba su kai 1000 ba. To, amma nawa?

Masana lissafi suna mayar da irin wannan tambaya zuwa zane. A shimfiɗa lokaci a layin kwance, a sa ƙarfin zubar ruwa a layin tsaye, sai a samu lanƙwasasshen layi da ya gangaro daga 1000 zuwa 500. Girman filin da ke ƙarƙashin wannan layi shi ne jimillar ruwan, kuma shi ake kira intigiral a fannin kalkulas. Wani lokaci akwai tsararriyar hanyar da za ta ba da amsa cif. Sau da yawa kuwa babu, ko dai don lissafin ya ƙi warwaruwa, ko don abin da ke hannu 'yan awo ne kawai da aka ɗauka lokaci zuwa lokaci. A nan ake komawa ga ƙiyasi, kuma dabaru biyu mafi sauƙi su ne ƙa'idar tirafiziyam da ƙa'idar tsakiya.

Don mu iya auna dabarun, za mu ƙaddara cewa zubar famfon namu tana bin wannan tsari, inda t yake nufin lokaci a ma'aunin awa:

f(t) = 1000 / (1 + t)

An zaɓi wannan tsari ne da gangan saboda an san amsarsa ta haƙiƙa: lita 693.1 da 'yan ɗigo, wato 1000 sau ln 2. Tunda amsar tana hannunmu, za mu ga ƙarara inda kowace dabara ta kauce da kuma yawan kaucewarta.

Gefe biyu ko tsakiya

Ƙa'idar tirafiziyam ita ce abin da hankali yake fara kawowa. A duba zubar a farko, a duba ta a ƙarshe, a haɗa a raba biyu, a ninka da tsawon lokacin. 1000 da 500 sun ba da matsakaicin 750, awa ɗaya ce, ke nan lita 750. A kan zane, abin da aka yi shi ne an ja miƙaƙƙen layi daga farkon lanƙwasar zuwa ƙarshenta, aka samu siffa mai gefe huɗu wadda biyu daga gefunanta suke tsaye a jere, ɗaya dogo ɗaya gajere. Wannan siffa ce tirafiziyam.

Dabarar ta daɗe ƙwarai. A shekarar 2016 Mathieu Ossendrijver na Jami'ar Humboldt da ke Berlin ya nuna cewa masu ilimin taurari na Babila, tsakanin shekara ta 350 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yi amfani da ita wajen lissafin tafiyar Mushtari. Allunan yumɓun da ya karanta suna ajiye a gidan tarihi na Birtaniya. A cikinsu an ɗauki saurin tauraron a ranar da ya fara bayyana, minti 12 na kusurwa a yini, da saurinsa bayan kwana 60, minti 9 da rabi, aka haɗa aka raba biyu aka ninka da 60, aka samu digiri 10 da minti 45. Lissafin famfonmu ke nan sak, sai dai a sararin sama.

Ƙa'idar tsakiya kuwa ba ruwanta da farko ko ƙarshe. Sau ɗaya take duba famfon, a daidai minti na talatin, ta ɗauka kamar haka ya yi ta zuba tun daga farko har ƙarshe. A minti na talatin zubar tana kan 666.7, don haka amsarta lita 666.7.

A ido, ta farkon ta fi kama da aikin mai kula, tunda awo biyu ta ɗauka, ta biyun kuma ɗaya tak. Amma a gwada su da amsar gaskiya. Tirafiziyam ta zarce da lita 56.9. Tsakiya ta gaza da lita 26.5. Wadda ta yi awo ɗaya ta fi kusa da gaskiya, kuskurenta bai ma kai rabin na ɗayar ba, kuma kowacce ta kauce ta ɓangare dabam.

Me ya sa ɗaya ta zarce, ɗaya ta gaza

Layin famfonmu ya lanƙwashe ne kamar cikin ƙwarya a buɗe. Idan ka ɗaure zare daga wani wuri a cikin ƙwaryar zuwa wani, zaren zai ratsa ta sama, ya bar rata tsakaninsa da jikin ƙwaryar. Miƙaƙƙen layin tirafiziyam shi ne zaren, ratar kuma ita ce ruwan da aka lissafa alhali bai zuba ba. Shi ya sa duk lokacin da layi ya yi irin wannan lanƙwasa, tirafiziyam sai ta zarce. Da ƙwaryar a kife take, da zaren ya bi ta ƙasa, ta gaza.

Ta tsakiya ta fi buƙatar natsuwa. Siffarta murabba'i ce mai shafaffen sama, tsayinta daidai da tsayin layin a tsakiya. Yanzu a riƙe wannan shafaffen saman a daidai tsakiyarsa, a karkata shi har ya kwanta a jikin lanƙwasar, yana taɓa ta a wuri ɗaya ba tare da ya ratsa ta ba. Girman filin bai canza ba, domin abin da ya ƙaru a hagu shi ne ya ragu a dama. Ashe ita ma tirafiziyam ce a ɓoye, sai dai layinta yana bi ta bayan lanƙwasar, ta ƙasa. Wannan ne dalilin gazawarta, kuma shi ne sirrin kyanta: gangarar layin ba ta cutar da ita ko kaɗan, lanƙwasar kaɗai take cutar da ita.

Batun rabi ma yana da tushe. A daidai tsakiya, ratar da ke tsakanin layin sama da layin ƙasa ita ce 750 a cire 666.7, wato 83.3. Tsakanin waɗannan layuka biyu gaskiya take. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, Archimedes na birnin Syracuse ya warware lissafin filin lanƙwasar da ake kira farabola, kuma daga sakamakonsa ake gane cewa irin wannan lanƙwasa tana raba wannan fili kashi uku, biyu a samanta, ɗaya a ƙasanta. Kashi biyu cikin uku na 83.3 shi ne 55.6, kashi ɗaya kuma 27.8. Layinmu ba farabola ba ne cikakke, shi ya sa muka samu 56.9 da 26.5. Amma duk wani layi mai santsi, idan aka yanko ɗan guntunsa, yana ƙara kama da farabola gwargwadon ƙanƙantar guntun.

Akwai riba nan take a cikin wannan. Muddin layin bai sauya fuskar lanƙwasarsa ba daga farko zuwa ƙarshe, amsar gaskiya tana tsakanin amsoshin biyu, ba makawa. Ko da ba mu san 693.1 ba, mun tabbata ruwan ya fi lita 666.7 kuma bai kai 750 ba.

A yanka shi gunduwa-gunduwa

Ba wanda yake tsayawa a kan yanki ɗaya. Ana raba lokacin zuwa yankuna n masu faɗi ɗaya, a yi wa kowanne lissafinsa, a tara. Idan faɗin kowane yanki h ne, ga yadda ake rubuta su:

T = h × [ f₀/2 + f₁ + f₂ + … + fₙ/2 ]

M = h × [ jimillar tsayin layin a tsakiyar kowane yanki ]

Awon farko da na ƙarshe ne kaɗai ake rabawa biyu a tirafiziyam, saboda kowane awo na ciki yana yi wa yankuna biyu aiki, na hagunsa da na damansa.

Mu gwada da yankuna huɗu, minti goma sha biyar kowanne. Awon famfon a minti 0, 15, 30, 45 da 60 shi ne 1000, 800, 666.7, 571.4 da 500. Rabin na farko 500, rabin na ƙarshe 250, a haɗa da ukun ciki a samu 2788.1, a ninka da rubu'in awa: lita 697.0. Ita kuwa tsakiya tana buƙatar awo a minti 7.5, 22.5, 37.5 da 52.5, waɗanda suka ba da 888.9, 727.3, 615.4 da 533.3, amsarta kuma lita 691.2.

Abin kallo yana cikin jerin kurakuran. Da yanki 1, 2, 4 da 8, tirafiziyam ta zarce da lita 56.9, 15.2, 3.9 da 1.0. Tsakiya ta gaza da 26.5, 7.4, 1.9 da 0.5. Duk sa'ad da aka ninka yawan yankuna sau biyu, kuskuren yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake.

Me ya sa huɗu, ba biyu ba? Idan aka rage faɗin yanki zuwa rabi, ratar da ke tsakanin miƙaƙƙen layi da lanƙwasa tana komawa rubu'i, domin guntun layi ya fi dogon kusa da miƙewa. Filin kuskuren shi ne wannan rata sau faɗin yankin, faɗin kuma ya koma rabi, ke nan kuskuren kowane yanki ya ragu sau takwas. Sai dai yankunan sun ninku biyu. Takwas a raba biyu, huɗu. Haka nan idan aka ninka yankuna sau goma, kuskure yana raguwa sau ɗari, wato kowane ƙarin aiki ninki goma yana sayo lambobi biyu na daidaito.

Alkawarin da ake yi tun kafin a fara

A aikin gaske ba mu da amsar haƙiƙa da za mu gwada da ita. Abin da kalkulas yake bayarwa shi ne iyaka, wato adadin da kuskuren ba zai taɓa wucewa ba. Idan ana lissafi daga a zuwa b, kuma K shi ne mafi tsananin lanƙwasar layin a wannan tsakani, to:

kuskuren T ≤ K × (b − a)³ / (12 × n²)

kuskuren M ≤ K × (b − a)³ / (24 × n²)

Duk abin da muka gani yana cikin waɗannan layuka biyu. 12 da 24 su ne batun rabi. n² a ƙasa shi ne raguwa sau huɗu. K kuwa ana samo shi daga abin da ake rubutawa f″, wanda yake auna saurin da gangarar layi take sauyawa. Miƙaƙƙen layi, komai tsananin gangararsa, K ɗinsa sifili ne, kuma dabarun biyu suna ba da amsarsa cif ko da yanki ɗaya.

A famfonmu f″ shi ne 2000/(1 + t)³. Ya fi girma a farkon awar, inda ya kai 2000, ya sauka zuwa 250 a ƙarshe. Dole mu ɗauki mafi girman, K = 2000. Da yankuna huɗu, iyakar tirafiziyam ita ce 2000 a raba da 192, wato lita 10.4, ta tsakiya kuma 5.2. Kuskuren da muka samu a zahiri 3.9 ne da 1.9. Alkawarin ya cika, har da rara mai yawa, kuma dalilin rarar a fili yake: iyakar ta ƙaddara cewa layin yana da lanƙwasar 2000 a ko'ina, alhali a farko kawai yake da ita.

Amfaninta na gaske shi ne a juya tambayar. Ina son kuskuren kada ya kai lita ɗaya, yankuna nawa zan yanka? A tirafiziyam ana buƙatar n² ya haura 166.7, ke nan 13. A tsakiya ana buƙatar ya haura 83.3, ke nan 10. Mun riga mun ga cewa takwas ma sun ishi tirafiziyam, to amma mun gani ne don muna riƙe da amsa. Wanda ba shi da ita, 13 ne adadin da zai iya rantsuwa a kai.

Tunda tsakiya ta fi kyau ninki biyu, me ya sa tirafiziyam ta fi yawo a duniya? Saboda mai awo ba kullum yake da zaɓi ba. Mai safiyo da ya auna faɗin fili a kowace mita goma, ko ma'aikacin asibiti da ya ɗebi jini a sa'o'in da aka tsara, abin da ke cikin littafinsa ke nan, babu awon tsakiya. Tirafiziyam tana aiki da abin da aka samu, ko da tazarar ba ɗaya ba ce. Masu binciken magunguna da ita suke lissafa jimillar maganin da ya zauna a jini, kuma sun san halinta: a lokacin da maganin yake raguwa layin yana yin irin lanƙwasar famfonmu, sai ta zarce, don haka sukan sauya mata salo a wannan ɓangare. Har ma a 1994 wata mai bincike, Mary Tai, ta wallafa dabarar a mujallar Diabetes Care a matsayin sabuwar hanyar auna filin layin sukarin jini, masu karatu suka rubuto suna tunatar da ita cewa tana cikin littattafan kalkulas tun tuni. Wata fa'idar kuma ita ce idan aka ninka yankuna, duk tsofaffin awon suna nan da amfaninsu, na tsakaninsu kawai za a ƙaro. A ƙa'idar tsakiya, ninkawa biyu yana zubar da tsofaffin gaba ɗaya.

Yadda ake gane ko lissafi yana tafiya daidai

Sau da yawa samo K ya fi ainihin lissafin wuya, ga mai jerin awo kawai kuma ba ya samuwa sam. Akwai gwajin da ba ya buƙatarsa, kuma a ganina ya fi iyakar kanta amfani a hannun ma'aikaci. A yi lissafin sau uku, ana ninka yankuna. Tirafiziyam ta ba mu 708.3 da yanki biyu, 697.0 da huɗu, 694.1 da takwas. Bambancin farko 11.3, na biyu 2.9. A raba na farko da na biyu, a samu 3.9, dab da huɗu. Wannan shaida ce cewa kuskuren yana raguwa yadda ya kamata.

Da zarar an tabbatar da haka, ana iya ƙiyasta kuskuren da ya saura. Idan tsohon kuskure kashi huɗu ne, sabon kuma kashi ɗaya, to bambancin amsoshin biyu kashi uku ne. A raba 2.9 uku, a samu kusan 0.97, kuma shi ne kuskuren amsar ƙarshe kusan daidai. Tunda an san shi, sai a cire shi kawai, a samu 693.15. Haka ma za a iya haɗa dabarun biyu: tunda ɗaya tana zarcewa da ninki biyun abin da ɗayar take gazawa, a ɗauki tsakiya sau biyu, tirafiziyam sau ɗaya, a raba uku.

S = (2M + T) / 3

Da amsoshin yankuna huɗu, 691.22 da 697.02, wannan ya ba da 693.15, kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na lita ba. Ita ce ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Thomas Simpson, Baturen Ingila da ya wallafa ta a 1743, kuma nata kuskuren sau goma sha shida yake raguwa a kowane ninki.

Idan kuwa rabon bai fito kusa da huɗu ba, akwai abin da ya karya sharaɗin, sharaɗin kuma shi ne layin ya kasance mai santsi, lanƙwasarsa tana da iyaka. A ɗauki √x daga 0 zuwa 1, wanda amsarsa kashi biyu cikin uku ce. A daidai sifili layin yana tashi a tsaye, f″ ba shi da iyaka, babu wani K da za a sa a lissafi. Kurakuran tirafiziyam da yanki 1, 2 da 4 su ne 0.167, 0.063 da 0.023. Suna raguwa, amma sau 2.6 zuwa 2.7, kuma komai yawan yankuna rabon ba zai wuce wajen 2.8 ba. Irin haka yake faruwa ga mai auna kewayayyen fili da yanka a tsaye, a can gefen da bakin filin ya juya. Maganinsa shi ne a ƙanƙanta yankuna a wurin da matsalar take, a bar sauran yadda suke.

Mafi muni shi ne tsalle. A ce an ɗauke wuta a minti na 40, famfon ya tsaya cak. Mai awo kowane minti goma sha biyar zai ga 666.7 a minti na 30, ya ga sifili a minti na 45. Tirafiziyam za ta ja layi tsakaninsu ta ba wannan yanki lita 83.3, alhali abin da ya zuba cikin minti goman kafin ɗaukewar ya kai lita 105.4. Yanki ɗaya ya jawo kuskuren lita 22, fiye da ninki biyar na kuskuren awar gaba ɗaya lokacin da wuta ba ta ɗauke ba. A irin wannan hali ninka awo yana rage iyakar kuskuren da rabi ne kawai, rabon bambance-bambancen kuma sai ya riƙa tsalle ba tsari. Idan an san lokacin da wutar ta ɗauke, a yanke lissafin a nan, a yi kowane ɓangare dabam, raguwa sau huɗu za ta dawo.

Akwai kuma inda tirafiziyam take yin abin da ya fi alkawarinta nesa ba kusa ba. Babban kason kuskurenta ya dogara ne ga bambancin gangarar layin a ƙarshe da gangararsa a farko, sau h²/12. A famfonmu gangarar ta tashi daga −1000 zuwa −250, bambanci 750, da yankuna takwas kuma wannan ya ba da 0.98, daidai da abin da muka gani. To idan abu mai zagayowa ne, mai santsi, kamar kaɗawar wutar lantarki, aka kuma yi lissafin a kan cikakken zagaye ɗaya, gangarar farko da ta ƙarshe ɗaya ce. Wannan kaso sai ya ɓace, na bayansa ma haka, 'yan yankuna kaɗan su ba da daidaiton da ko ƙa'idar Simpson ba ta kaiwa da awo iri ɗaya.

Duk waɗannan iyakoki suna magana ne a kan kuskuren dabara, suna ƙaddara cewa kowane awo daidai yake. Idan mitar da ke kan bututun tana ƙara kashi biyu cikin ɗari a kowane karatu, jimillar za ta zarce da wajen lita 14 ko da an yanka awar gida dubu, kuma gwajin rabon huɗu ba zai nuna komai ba, domin duk amsoshin sun kumbura tare. Da irin wannan mita, yankuna huɗu sun riga sun kai kuskuren dabara ƙasa da lita huɗu, abin da ya rage shi ne a cika durom ɗin da aka san girmansa, a duba agogo, a gwada da abin da mitar ta nuna.